Wa Ya Shanye Batirin? Yadda Ake Zaƙulo Canji Ɗaya Cikin Dubu Tara

A watan Afrilu na shekarar 2011, wasu masu kwamfutar tafi-da-gidanka da suka ɗora sabon zubin Ubuntu 11.04 sun lura da wani abu mai ban haushi. Kwamfutar ita ce dai ta jiya, batirin shi ne na jiya, aikin da suke yi bai ƙaru ba, amma caji ya daina kai su inda ya saba kai su. Babu saƙon gargaɗi a allo, babu abin da ya tsaya cak. Wuta kawai ake sha fiye da da.

Bai ɗauki lokaci ba aka gane cewa matsalar tana cikin Linux ne, wato cibiyar manhajar da ke tsakanin ƙarafan kwamfuta da sauran manhajoji, wadda kuma ita ce a ƙarƙashin kowace wayar Android. Zubi na 2.6.37, wanda ya fito a watan Janairu na shekarar, lafiya lau yake. Zubi na 2.6.38, na watan Maris, shi ne mai zuƙar batir. Michael Larabel, mai kafar labaran fasaha ta Phoronix, ya auna ya kuma wallafa bambancin. Sai dai sanin wannan bai kai mutum ko'ina ba, domin tsakanin zubin biyu akwai canje-canje fiye da dubu tara, waɗanda mutane sama da dubu suka rubuta daga sassa daban-daban na duniya. Ɗaya daga cikinsu ne ya jawo abin. Wanne?

Masu rubuta manhaja suna da suna na musamman ga irin wannan matsala, wanda ma'anarsa koma-baya ce: abu yana aiki a da, aka yi masa gyara ko ƙari, sai ya daina. Ta bambanta da aibin da manhaja ta taso da shi tun farko, kuma bambancin yana da amfani ƙwarai. Wanda ke fama da koma-baya yana da abu biyu a hannu, tsohon zubi mai lafiya da sabo maras lafiya. Ko bai fahimci layi ɗaya na abin da aka rubuta ba, ya san laifin yana tsakanin waɗannan biyun. A kan wannan ɗan sani aka gina `git bisect`.

Git manhaja ce ta adana tarihin aiki. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, shi ya fara rubuta ta a watan Afrilu na 2005, kuma tun watan Yuli na shekarar Junio Hamano ke riƙe da ragamarta. Duk lokacin da mai aiki ya gama wani gyara, yakan ajiye shi da umarnin `git commit`. Kowace ajiya tana ɗauke da sunan wanda ya yi ta, da rana, da bayanin dalili, da wata doguwar lamba ta haruffa da alƙaluma 40 da ke zama shaidarta. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, ajiyar tana riƙe da hoton aikin gaba ɗaya kamar yadda yake a wannan lokacin. Ana iya cewa Git ta mayar da fayiloli yadda suke bayan canji na 4,000 ko na 7,312, ta mayar cikin daƙiƙoƙi. Tarihin ya zama abin da ake iya shiga a kunna a gwada. Tun cikin shekarar 2005 ɗin Torvalds ya ƙara wa Git umarnin `bisect`, kalmar da ke nufin raba abu gida biyu.

Dabarar tsohuwa ce, kuma kowane ƙwararren mai gyaran wuta ya san ta. Idan waya ta taso daga mita zuwa ɗakin ƙarshe na gida, akwai wuta a farko babu a ƙarshe, ba ya bin ta taku-taku yana fere roba. Tsakiya yake zuwa ya sa testa. In ta kama, to daga mita zuwa nan babu laifi, ya manta da wannan rabin. In ba ta kama ba, yankewar tana baya. Ko wacce amsa ya samu, rabin aikin ya tafi.

A ɗauka akwai wani matashi da ke kula da manhajar buga rasit ta wani babban kanti. Ƙa'idar kantin ita ce, wanda ya yi sayayyar da ta wuce naira 50,000 a yi masa rangwamen kashi 5 cikin ɗari. Wata rana mai karɓar kuɗi ta ce masa kayan naira 60,000 suna fitowa a 60,000 cif, alhali ya kamata su fito a 57,000. Zubin da aka yi wa alamar `v1.4` wata biyu da suka wuce yana yin rangwamen daidai. Daga nan zuwa yau an yi canje-canje 100. Ga abin da zai rubuta:

```
git bisect start
git bisect bad
git bisect good v1.4
```

Layi na biyu yana cewa inda ake yanzu ba lafiya. Na uku yana cewa `v1.4` lafiya. Nan take Git za ta mayar da fayilolin zuwa canji na tsakiya, ta buga masa amsa irin wannan:

```
Bisecting: 49 revisions left to test after this (roughly 6 steps)
```

Yanzu aikin nasa ne. Ya kunna manhajar, ya shigar da kayan 60,000, ya duba rasit. A canji na 50 ya ga 57,000, sai ya rubuta `git bisect good`. Canje-canje hamsin na farko sun fita daga zargi. Git ta kai shi na 75, rasit ya nuna 60,000, ya rubuta `git bisect bad`. Saura daga 51 zuwa 75. Na 63 ma ba lafiya. Na 57 lafiya. Na 60 lafiya. Abin ya rage tsakanin 61 da 63. Na 62 ba lafiya, na 61 ma haka. Tunda na 60 lafiya yake kuma na 61 ba lafiya, babu sauran tambaya. Git ta buga lambar canjin, tare da kalmomin `is the first bad commit`, ta biyo da sunan marubucinsa da bayaninsa da fayilolin da ya taɓa.

Gwaji bakwai ke nan maimakon ɗari. Da ya buɗe canjin, sai ya tarar ko kusa ba a ambaci rangwame a cikinsa ba. Wani abokin aiki ne ya so farashi ya riƙa fitowa da waƙafi don sauƙin karantawa, 60,000 maimakon 60000. Amma ɓangaren da ke lissafin rangwame yana karanta lambar ne har zuwa inda ya ci karo da abin da ba alƙalami ba, don haka 60 yake gani, kuma naira 60 ba ta kai a yi mata rangwame ba. Da ya zauna yana karanta ɓangaren rangwame, zai iya wuni bai ga komai ba, domin ba a taɓa wurin ba. Idan ya gama, `git bisect reset` zai mayar da shi inda ya baro.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan shi ne ya sa dabarar ta dace da babban aiki. Kowane gwaji ɗaya da aka ƙara yana ninka yawan canje-canjen da za a iya tacewa. Gwaji 7 ya isa tace 128. Gwaji 10 ya isa 1,024. Gwaji 14 ya isa 16,384, wato ya wadatar da duk abin da ke tsakanin Linux 2.6.37 da 2.6.38 har da saura. Gwaji 20 ya wuce miliyan. Mai neman ɓarawon batir zai fara ne da layi ɗaya, inda ake sa maras lafiya a gaba, mai lafiya a baya:

```
git bisect start v2.6.38 v2.6.37
```

A takarda, sha huɗu ba yawa. A aikace kuwa, kowane ɗaya daga cikinsu yana nufin a harhaɗa Linux daga rubutunsa zuwa abin da inji zai iya kunnawa, a girka shi, a sake tayar da kwamfutar, a cire ta daga caji, a bar ta tana aiki har a sami awon wuta da za a iya dogara da shi. Rasit na kanti amsarsa a fili take, ko 57,000 ko 60,000. Shan wuta kuwa yana hawa yana sauka da hasken allo da zafin ɗaki da abin da ke gudana a ɓoye. Dole mai gwaji ya yanke tun farko wane adadi ne zai kira lafiya, wanne ne zai kira ciwo, ya kuma tabbatar yanayin awon bai canza ba daga mataki zuwa mataki. Larabel yana da tasa manhajar awo, Phoronix Test Suite, wadda ya ɗora wa wannan aiki. Duk da haka, sai a ƙarshen watan Yuni ya sanar da cewa ya kama canjin, kusan wata biyu bayan rahotonsa na farko.

Wannan gajiya ce ta sa aka koya wa Git yin zagayen da kanta. Christian Couder, wanda ya daɗe yana aiki a kan wannan sashe na Git kuma ya gabatar da doguwar takarda a kansa a taron Linux-Kongress na 2009, yana cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa a nan. Idan har ana iya rubuta gwajin a matsayin ɗan jerin umarni, to `git bisect run` zai riƙa kunna shi a kowane mataki, ya karanta sakamako, ya yi alamar da ta dace, ya wuce. Matashin kantin zai iya rubuta wani ɗan fayil kamar haka:

```
#!/bin/sh
make || exit 125
~/duba-rasit.sh
```

Sai ya ce `git bisect run ~/gwaji.sh`, ya tafi shan shayi. Yadda Git ke fahimtar amsar shi ne ta lambar da kowace manhaja ke bari idan ta kammala. Sifili na nufin lafiya. Daga 1 zuwa 127 na nufin ba lafiya, in ban da 125. Abin da ya haura 127 yana tsayar da binciken gaba ɗaya. Gogaggu sukan ajiye fayil ɗin gwajin a wajen rumbun aikin, domin idan yana cikin tarihin, ranar da Git ta koma zamanin da ba a rubuta shi ba zai ɓace daga ƙarƙashin ƙafarsu.

Ita lamba 125 tana da labari. Tana nufin: wannan canjin ba ya gwaduwa, a tsallake shi. A kowane dogon tarihi akwai wuraren da manhajar ba ta ma harhaɗuwa, ko ta harhaɗu amma ta mutu kafin a kai ga abin da ake son dubawa. Sabon shiga yakan ga haka ya ce ai ba lafiya, ya buga `bad`. Kuskure ne babba. Tambayar da ake yi ita ce ko wannan takamaiman ciwon yana nan, kuma manhajar da ba ta tashi ba ba ta amsa tambayar ba. Abin da ya dace shi ne `git bisect skip`, sai Git ta zaɓi wani canjin daban ta ci gaba. Tsallakewa tana da iyaka, ba shakka. Idan mai laifin yana tsakiyar jerin canje-canjen da duk aka tsallake, Git za ta ce saura waɗanda aka tsallake kawai, ta jero su, ta ce mai laifin ɗaya ne daga cikin waɗannan. Ba za ta yi ƙaryar ta san wanne ba.

Saboda haka ne masu kula da Linux suke da tsauri a kan wata ƙa'ida da baƙo zai ɗauka tsabar son tsari ce. Wanda ya aiko da babban aiki, ana so ya yanyanka shi ƙanana, kowane yanki ya yi abu ɗaya, kuma bayan kowane yanki Linux ya ci gaba da harhaɗuwa yana aiki. Suna yi ne don mutumin da zai zo bayan shekara biyu yana raba tarihin gida biyu. Idan bincike ya ƙare a kan canji mai layi talatin, an kusa gamawa. Idan ya ƙare a kan canji mai layi dubu biyar da bayanin da bai wuce "gyare-gyare" ba, an dai rage daji ne, ba a kama naman ba.

Akwai kuma wani abu da ke rikita wanda ya fara gwada wannan a kan Linux. Ya ce a bincika tsakanin 2.6.37 da 2.6.38, sai Git ta ajiye shi a kan wani canji da lambar zubinsa ke nuna ya girmi 2.6.37. Zai zaci manhajar ta ruɗe. Ba ta ruɗe ba. Tarihin babban aiki ba igiya ɗaya ba ce miƙaƙƙiya. Ya fi kama da rafuka masu yawa da ke zuba cikin kogi. Masu kula da katin sauti suna aiki a nasu reshe, masu kula da hanyar sadarwa a nasu, kowa ya taso daga wani tsohon wuri, sai lokacin haɗewa ya zo Torvalds ya janyo su ciki. Canjin da aka rubuta a reshe tun kafin 2.6.37 ya fito, amma bai shiga babban kogin ba sai bayan fitowarsa, yana cikin waɗanda ake zargi. Don haka Git ba ta duba kalanda. Tana tattara duk canjin da ke cikin asalin zubi maras lafiya amma ba ya cikin asalin mai lafiya, sannan ga kowane ɗaya ta ƙirga nawa ne daga cikin waɗanda ake zargi suke bayansa, ta zaɓi wanda ya fi kusa da raba su daidai wa daida. Wanda yake so ya fara gano reshen da ya kawo matsalar kafin ya shiga cikinsa, tun Git 2.29 na shekarar 2020 akwai zaɓin `--first-parent`, wanda ke bin babban kogin kawai.

Ɓarawon batirin ma irin wannan ne. An rubuta shi a watan Disamba na 2010, kafin 2.6.37 ya fito, a reshen masu kula da PCI Express, wato hanyoyin da ke haɗa katin hoto da katin intanet da makamantansu da sauran kwamfutar. Marubucinsa Matthew Garrett ne, injiniya a kamfanin Red Hat a lokacin, kuma mutum ne da aka sani da ƙwarewa a harkar tattalin wuta. Taken canjin shi ne `PCI: Disable ASPM if BIOS asks us to`.

ASPM wata dabara ce da ke barin waɗannan hanyoyi su ɗan yi gyangyaɗi idan babu abin da ke wucewa ta kansu, su farka idan an buƙace su. A kwamfutar da ke kan batir, wannan gyangyaɗin yana tara riba mai yawa. Amma wasu na'urori ba sa jure shi, sukan rikice ko su maƙale. Saboda haka BIOS, 'yar manhajar da kamfanin da ya ƙera kwamfutar ya dasa a cikinta, tana da wata alama da take ɗagawa don ta ce wannan inji bai dace da ASPM ba. Kafin canjin Garrett, idan Linux ya ga alamar sai ya janye hannunsa, ya bar komai yadda ya tarar. Bayan canjin, idan ya ga alamar sai ya bi na'urorin ya kashe musu ASPM. A ido, hakan ya fi kama da biyayya ga abin da BIOS ta faɗa, kuma an yi shi ne don magance matsalar da wasu injuna ke fuskanta da gaske. Abin da ba a yi tsammani ba shi ne yawan kwamfutocin da BIOS ɗinsu ke ɗaga alamar alhali ita da kanta ta riga ta kunna ASPM a kan na'urorin, kuma suna aiki lafiya. A waɗannan injuna, Linux ya zo ya tashi kowa daga barci ya hana shi komawa.

A nan ake ganin iyakar abin da `git bisect` ke faɗa. Ya nuna inda alamar ciwo ta fara bayyana. Bai ce marubucin ya yi ganganci ba, bai kuma ce a goge canjin ba. Da an goge shi kawai, da injunan da aka yi shi dominsu sun koma cikin matsalarsu. Abin da binciken ya bayar nan take shi ne mafita ta wucin gadi: mai kwamfuta ya ƙara `pcie_aspm=force` a cikin umarnin tayar da Linux, ya tilasta kunna ASPM, tare da sanin cewa a wasu injuna hakan na iya jawo maƙalewa. Gyaran gaskiya ya zo ne a watan Nuwamba na 2011, kuma daga hannun Garrett ɗin ya fito. Ya sake nazarin yadda ake ganin Windows ke yi, tunda da ita kamfanoni ke gwada injunansu, ya mayar da ƙa'idar ta zama cewa Linux ba zai taɓa saitin ASPM ba sai idan BIOS ta miƙa masa ikon hanyoyin. Gyaran ya shiga Linux 3.3, wanda ya fito a watan Maris na 2012, shekara guda bayan 2.6.38.

Shi ya sa masu hankali ba sa kai ƙara da zarar sun ga `is the first bad commit`. Sukan koma sabon zubi, su warware wannan canjin shi kaɗai da `git revert`, su sake gwadawa. Idan ciwon ya tafi, hujja ta yi ƙarfi. Idan yana nan, ko dai akwai ciwo na biyu da ya shigo daga baya, ko kuma an yi kuskure a hanya.

Kuskuren hanya shi ne babban raunin dabarar, domin Git ba ta da hanyar gane an ba ta amsar da ba daidai ba. A koma kantin nan. A ce a mataki na uku, kan canji na 63, matashin ya manta bai sake harhaɗa manhajar ba, ko ya shigar da kayan da ke da wani rangwamen daban, ya ga 57,000 ya buga `good`. Daga wannan lokacin canji na 61 ya fita daga zargi har abada. Git za ta ci gaba da raba 64 zuwa 75, duk su fito ba lafiya, a ƙarshe ta nuna na 64 da cikakken tabbaci, ko da abin da ya yi bai wuce gyara rubutun wata kalma ba. Alamar da ke tona wannan ita ce sakamakon da bai da alaƙa da ciwon ta kowace fuska, musamman idan duk amsoshin ƙarshe iri ɗaya ne a jere. Sa'ar da aka yi, ba sai an faro daga farko ba. `git bisect log` yana fitar da duk amsoshin da aka bayar. A zuba su cikin fayil, a goge daga layin da ake shakka zuwa ƙasa, a yi `git bisect reset`, sannan `git bisect replay` da sunan fayil ɗin ya mayar da mutum daidai inda ya kauce.

Amsoshin biyu ma ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya ga ciwo da idonsa ya ce ba lafiya, ya faɗi abin da ya tabbata. Wanda bai gani ba ya ce lafiya, abin da ya sani kawai shi ne bai gani ba a wannan karon. Idan ciwon mai zuwa ne kullum, babu bambanci. Idan mai zuwa ne jefi-jefi, bambancin shi ne komai.

Richard Jones, shi ma injiniya a Red Hat, ya gamu da irin wannan a watan Yuni na 2023. Gwaje-gwajen wata manhaja da yake kula da ita sun riƙa maƙalewa ba tare da dalili ba, ya bi sawu ya gano cewa Linux 6.4, wanda ake kan shiryawa a lokacin, yakan tsaya cak yayin tashi a cikin kwamfutar kwaikwayo ta QEMU, kamar sau ɗaya cikin dubu. A yi lissafi. Idan ciwo na zuwa sau ɗaya cikin dubu, aka tayar da injin sau ɗari, kusan kashi 90 cikin ɗari na lokuta ba za a ga komai ba, ko da ciwon na nan. A tayar sau dubu, har yanzu akwai kusan kashi 37 cikin ɗari na yiwuwar ya ɓuya. Sai an kai sau dubu goma kafin yiwuwar ɓuyan ta sauko zuwa kusan ɗaya cikin dubu 22. Haka Jones ya yi, yana tayar da Linux dubban lokuta, da yawa a lokaci guda, kafin ya yarda ya buga `good` sau ɗaya. Binciken ya ci kwanaki. Da ya kai ga wani canji da ya shafi agogon cikin Linux, ya koma kan yadda Linux yake kafin wannan canjin ya bar injin yana tashi yana mutuwa na tsawon awa 21, sau 292,612, ba tare da ya maƙale ba. Adadin ya zama taken rubutun da ya wallafa, wanda ya yaɗu sosai tsakanin masu sana'ar.

Duk da wannan haƙuri, labarin bai ƙare a nan ba. Da sauran injiniyoyin Linux suka shigo, aka sami hanyar sa maƙalewar ta riƙa zuwa da sauri, sai ya bayyana cewa canjin da aka fara kamawa ba shi ne tushen ba. Ya dai taɓa lokutan da abubuwa ke faruwa yayin tashi, har ciwon da ke kwance ya sami damar fitowa. Tushen yana cikin wani canjin daban, a ɓangaren da ke daidaita bugun agogo, kuma can aka yi gyaran, kafin Linux 6.4 ya fito a ƙarshen watan.